Minti goma na farkon babban taro: abin da shugaban ƙungiyar gama kai zai faɗa wa masu kuɗi

Sau ɗaya a shekara, kowace ƙungiyar gama kai mai rajista takan kira 'ya'yanta babban taro. A ƙungiyoyin ma'aikata da suka cika sakatariyoyin jihohi da manyan makarantu da asibitocin Arewa, kusan kamanni ɗaya taron ke da shi. A bakin ƙofa akwai tebur da littafin sa hannu, a ciki an jera kujerun roba, mata sun zauna gefe guda, shugabanni suna kan babban tebur tare da jami'in da ofishin Daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha ya turo. Ana buɗe taro da addu'a, sai mai gabatarwa ya ce za a saurari jawabin shugaba. Mutanen da ke zaune kuwa tambaya biyu ce ta kawo yawancinsu: nawa za a raba bana, kuma yaushe bashin da suka cike fom ɗinsa zai fito.

Galibi abin da suke ji a wannan lokaci gaisuwa ce mai tsawo. A gai da babban baƙo, a gai da uban taro, a gode wa shugaban ma'aikata, a ce ƙungiya ta samu gagarumin ci gaba duk da halin da ƙasa ke ciki, a roƙi 'yan ƙungiya su ƙara ba da haɗin kai. Sai a yi tafi, shugaba ya zauna. Ba laifi ba ne a gai da mutane, al'adarmu ce. Amma a ganina jawabin da ya tsaya a nan ya tauye haƙƙin masu sauraro, domin wannan shi ne lokaci ɗaya tak a shekara da wanda aka ba riƙon dukiya yake tsayawa gaban masu dukiyar gaba ɗayansu, kunnuwansu a buɗe, kafin zafi da yunwa su sa a fara fita ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da ya sa haka ke da nauyi yana cikin tsarin gama kai kansa. A kamfani, mai hannun jari da yawa shi ke da babbar murya. A ƙungiyar gama kai ta matakin farko kuwa, kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi, ko masinja ne mai zuba naira dubu biyar a wata, ko darakta ne mai zuba dubu ɗari. Wannan ƙa'ida ta samo asali tun daga masaƙa da sauran masu sana'ar garin Rochdale na Ingila da suka buɗe kantinsu a 1844, kuma tana cikin ƙa'idoji bakwai da haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama kai ta duniya ta sake tabbatarwa a taronta na Manchester a 1995. A Nijeriya tsarin ya shigo a hukumance bayan rahoton C. F. Strickland na 1934 da dokar da ta biyo baya a 1935, sannan dokar tarayya ta 1993 da dokokin jihohi su ke tafiyar da shi a yau. A ƙarƙashin waɗannan dokoki, babban taro shi ne hukuma mafi girma a ƙungiya. Shi ke zaɓen kwamiti, shi ke karɓar rahoton kuɗi ko ya ƙi, shi ke yanke yadda za a raba rara. Shugaba wakili ne da aka zaɓa, kuma ranar taro rana ce da yake ba da bahasi.

Kafin a kai ga kuɗi

Aikin farko na jawabin shi ne tabbatar da cewa taron ya zauna bisa ƙa'ida. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin cika baki, alhali shi ne ke kare duk abin da za a yanke daga baya. Dokokin kowace ƙungiya sun faɗi kwana nawa za a ba da sanarwa kafin taro, sun kuma faɗi mafi ƙarancin adadin mutanen da dole su halarta kafin a yanke hukunci. Adadin ya bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, don haka shugaba ba zai faɗe shi da ka ba. Zai juya ga sakatare ya karɓi littafin sa hannu, ya ce: "An fitar da sanarwar wannan taro ranar kaza, dokarmu ta ce sai mutum kaza sun halarta, yanzu mutum kaza suka sa hannu, saboda haka taro ya zauna." Jimla ɗaya ce, ba ta kai rabin minti ba, amma sakatare zai rubuta ta a bayanan taro.

Amfaninta yakan bayyana ne bayan watanni. A ce a taron an ƙara kuɗin zubi na wata, ko an kori wani daga ƙungiya, ko an zaɓi sabon ma'aji. Wanda bai ji daɗi ba zai iya kai ƙara ofishin Darakta, wanda doka ta ba ikon sasanta rigingimun ƙungiyoyi, ya ce mutanen da suka yanke hukuncin ba su cika adadi ba. In bayanan taro ba su nuna adadin ba, ƙungiya ba ta da abin kare kanta. Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi na ƙirga duk wanda ke cikin zaure, har da baƙi da direbobi da waɗanda suka riga suka janye kuɗinsu suka fita. Mai ƙuri'a kaɗai ake ƙirgawa, shi ya sa littafin bakin ƙofa ya fi kallon yawan kawuna. In kuwa adadi bai cika ba, gaskiyar magana ita ce shugaba ya faɗa, a ɗage taro kamar yadda doka ta tsara, ko da an riga an biya kuɗin rumfa da abinci.

Daga nan sai ya karanta ajanda, ya nuna inda za a yi tambayoyi, ya faɗi yadda za a kaɗa ƙuri'a, ɗaga hannu ne ko takarda. Idan akwai zaɓe kuma shi ma yana takara, nan ne zai sanar cewa in an zo wurin zai sauka daga kujera, jami'in Darakta ko kwamitin zaɓe su ja ragama. Waɗanda suka rasu cikin shekara ana ambatonsu a yi musu addu'a, kuma ya kyautu a ƙara da bayani ɗaya: an miƙa wa magadansu ajiyarsu, ko kuwa tana nan ana jiran takardu. Duk wanda ke zaune yana so ya ji haka, domin yana tunanin nasa iyalin.

Rarar da ke kan takarda

Zuciyar jawabin ita ce halin da kuɗi ke ciki, kuma nan ne shugabanni suka fi rabuwa gida biyu. Wasu sukan tsallake shi gaba ɗaya, su ce ma'aji zai yi bayani. Wasu kuma sukan ɗauki lamba ɗaya mai daɗin ji, wato rara, su ɗaga ta sama, su bar sauran a cikin takardun da kaɗan ne za su karanta. Rahoton ma'aji da na mai binciken kuɗi dogaye ne, cike da jadawali, kuma sukan zo ne bayan awa biyu, lokacin da hankali ya rabu. Abin da shugaba ya faɗa da farko shi ne mutane ke riƙewa, da shi suke auna duk abin da za su ji daga baya.

Bari mu ɗauki misali, da lambobin da na tsara don bayani kawai. A ce ƙungiyar malaman makaranta ce mai mutum 400, ana cire musu zubi daga albashi kowane wata. Ajiyarsu gaba ɗaya ta kai naira miliyan 120. Daga ciki miliyan 95 suna hannun 'yan ƙungiya a matsayin bashi, wani na kuɗi tsaba, wani na kaya: buhunan shinkafa da masara, babura, kwanon rufi, firji. Kamar yawancin ƙungiyoyin da Musulmi suka fi yawa a ciki, wannan ba ta karɓar kuɗin ruwa. Takan sayi kaya a kan sari ta sayar wa ɗan ƙungiya da ribar da aka bayyana tun farko, ya biya a hankali cikin watanni. Daga wannan riba da kuɗin fom, a ce ta samu miliyan 14 a shekara, ta kashe miliyan 4 a kan albashin akawu, dakon kaya, hayar sito, cajin banki da kuɗin bincike. Rara ta zama miliyan 10.

Ba duka ake rabawa ba. Dokar tarayya ta tanadi a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na rarar da bincike ya tabbatar, a zuba a asusun ajiyar ƙungiya wanda ba a rabawa. Miliyan 2.5 ke nan sun fita. A ce kuma dokokin wannan ƙungiya sun ware dubu 500 don horar da 'yan ƙungiya da ma'aikata, da miliyan ɗaya na ihsani ga kwamiti, idan taro ya yarda. Saura miliyan 6. In aka raba su a kan ajiyar miliyan 120, kowace naira ɗari ta samu naira biyar. Malamin da ke da dubu 300 a ajiya zai tafi gida da dubu 15. Wannan ita ce lambar da za a yi wa tafi.

Amma a cikin miliyan 95 ɗin nan da ke waje, a ce miliyan 8 lokacin biyansu ya wuce. Su ma ba iri ɗaya ba ne. Miliyan 3 an riga an cire su daga albashin mutane, amma ofishin da ke biyan albashi bai turo wa ƙungiya ba tukuna. Wannan matsala ce da duk wanda ya yi aikin ƙungiyar ma'aikata ya sani: takardar albashin mutum ta nuna an cire, asusun ƙungiya kuwa bai ga komai ba, wani lokaci har watanni. Wasu miliyan 3 suna kan waɗanda aka yi wa sauyin wurin aiki ko suka yi ritaya, albashinsu ya bar hannun ofishin da ke cirewa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ko an koma kan waɗanda suka tsaya musu. Sauran miliyan 2 kuwa suna kan mutanen da suka bar aiki suka ɓace, ajiyarsu ba ta kai ta rufe bashin ba, waɗanda suka tsaya musu ma ba su da abin da za a cira. Kashi na farko zai shigo. Na biyu mai yiwuwa ne. Na uku, in za a faɗi gaskiya, da wuya.

Idan aka cire waɗannan miliyan 2 a matsayin bashin da ba a sa ran dawowarsa, rara ta koma miliyan 8. Asusun ajiya ya ɗauki miliyan 2, horo da ihsani su ɗauki miliyan ɗaya da rabi, saura miliyan 4.5. Kowace naira ɗari ta samu naira uku da kobo 75, malamin nan mai dubu 300 ya karɓi 11,250 maimakon dubu 15. Bambancin naira 3,750 ne a aljihunsa. Shi ne dalilin da ya sa kwamitoci, musamman a shekarar zaɓe, suke barin mataccen bashi a littafi kamar mai rai. Sai dai in an raba miliyan 6 alhali abin da aka samu na gaske ya tsaya a 4.5, to ƙarin bai fito daga riba ba, daga ajiyar mutane ya fito. An ɗebi uwar kuɗinsu an miƙa musu a ambulan, sun yi godiya. Shekara uku ko huɗu ana haka, sai a wayi gari mai son janye ajiyarsa ya zo a ce masa ya jira.

Abin da nake ganin ya wajaba a kan shugaba shi ne ya faɗi waɗannan da bakinsa tun a buɗe taro, da harshen da kowa zai gane, ba tare da ya karanto jadawali ba. Wani abu kamar haka: "'Yan uwa, ajiyarmu miliyan 120 ce. Miliyan 95 suna hannunmu mu da kanmu a matsayin bashi. A ciki miliyan 8 sun makara. Uku suna wurin masu biyan albashi, mun rubuta musu, takardun suna nan ga mai son gani. Uku muna bin masu su. Biyu kwamiti yana ganin ba za su dawo ba, shi ya sa shawarar da muka kawo muku ita ce a raba naira uku da kobo 75 a kan kowace ɗari, ba biyar ba. Ma'aji zai kawo dalla-dalla, mai bincike zai faɗi abin da ya gani, hukunci kuma naku ne." Wannan ba zai ci minti biyu ba. Ba za a yi tafi sosai ba, amma tambayoyin da za su biyo baya za su tafi wurin da ya dace: su waye suka tsaya wa waɗanda suka gudu, wa ya sa hannu aka ba su fiye da ƙarfin ajiyarsu, me za a gyara a dokar ba da bashi.

Akwai lamba ɗaya kuma da ya kamata ta fito, wato kuɗin da ke banki a ranar rufe lissafi. Rara lissafi ce, ba tsabar kuɗi ba. Ƙungiya za ta iya nuna rarar miliyan 10 alhali asusunta na banki bai kai miliyan 4 ba, saboda ribar buhunan da aka rubuta tana cikin kuɗin da ba a gama biya ba, sauran kuɗin kuma sun zama kaya a sito. Wannan shi ke bayyana wa mutane dalilin da ya sa layin masu jiran bashi ya yi tsawo, kuma shi ke hana jita-jitar cewa an cinye kuɗi. In shugaba ya ce mutum nawa ne ke kan layi, kuma wanda ya fi daɗewa tun wane wata ya cike fom, ya kashe rabin ƙorafin da za a taso da shi da rana.

Yadda ake gane jawabin da ke ɓoye abu

Wanda ya saba zama a irin waɗannan taruka yakan gane tun daga farkon jawabi. Alama ta farko ita ce a yi ta ambaton jimillar bashin da aka bayar, "mun raba kaza ga mutum kaza", ba a ce komai a kan abin da ya dawo ba. Bayar da kuɗi ba wuya, dawo da su ne aikin. Wata alamar ita ce a kwatanta bana da bara a wurin da aka ci gaba, a yi shiru a wurin da aka ja baya. Akwai kuma shugaban da zai ce rahoton mai bincike "yana kan hanya". Idan lissafin da za a raba rara a kansa bai bi ta hannun mai binciken da Darakta ya amince da shi ba, to taron yana raba abin da babu wanda ya tabbatar da shi. Ɗan ƙungiya yana da damar ya ɗaga hannu ya ce: "Shugaba, da izininka, wannan lissafi an bincika shi ko kuwa na kwamiti ne kawai?" Tambaya ce ta ladabi, kuma amsarta ta fi duk sauran jawabin muhimmanci.

Abin da ya fi damuna shi ne batun bashin 'yan kwamiti. A ƙungiyoyi da yawa da suka durƙushe, ba ɓarawo ne ya fasa ofis ba. Waɗanda ke sa hannu ne suka riƙa ba kansu da makusantansu bashi fiye da ƙa'ida, suna tsallake layi, suna sabunta tsohon bashi da sabo don kada ya fito a jerin waɗanda suka makara. Babu abin da ke kwantar da hankalin taro kamar shugaba ya ce: mu tara da ke kan wannan tebur, jimillar bashin da ke kanmu kaza ne, babu wanda ya makara a cikinmu, ko kuwa mutum ɗaya ya makara kuma an ɗauki mataki kaza. Na san akwai nauyin baki a nan. Mu mutane ne masu rufa wa juna asiri, kuma ba a son tozarta mai bashi a bainar jama'a. Shi ya sa ba sunayen talakawan 'yan ƙungiya za a karanto a buɗe taro ba, jimilla ta isa. Amma wanda ya karɓi amanar sa hannu a kan kuɗin jama'a ya amince ke nan a duba nasa lissafin kafin na kowa.

Tsadar rayuwa da tambayar da ba a yi da ƙarfi

Tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kusan babu jawabin shugaba da ba ya ambaton tsadar rayuwa. Matsalar ita ce yawanci ana kawo ta ne a matsayin uzuri, a wuce. Alhali akwai tambaya ta gaske da ke cin mutane a rai. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi ta watan Disambar 2024 a kashi 34.8 cikin ɗari. Mutumin da ajiyarsa ta haifar masa da kashi huɗu ko biyar a irin wannan shekara ya san cewa abin da dubu 300 ɗinsa za su saya a ƙarshen shekara bai kai na farkonta ba. Yana tambayar kansa ko gara ya janye ya sayi akuya ko buhunan hatsi ya ajiye.

Shugaban da ya san aikinsa ba zai kauce wa wannan ba, kuma ba zai yi alkawarin ribar da ba za ta samu ba. Zai nuna inda amfanin ƙungiya yake a zahiri. Wanda ya karɓi buhun masara a farashin kaka da ƙungiya ta saya da yawa, ya biya cikin wata shida yayin da farashin kasuwa ke hawa, ya samu riba ko da ba a ba shi ita a ambulan ba. Haka wanda ya biya kuɗin makarantar yara da bashi marar ruwa maimakon ya faɗa hannun masu ba da rance ta waya. To amma wannan ya buɗe wata magana da dole a kawo gaban taro: masu ajiya da yawa waɗanda ba sa cin bashi su ne hauhawar farashi ke ci, masu karɓar kaya kuma su ne ke kawo ribar da ake rabawa. Shi ya sa tsarin gama kai tun asali ya san rabo iri biyu, ɗaya a kan ajiya ko hannun jari, ɗaya a kan yawan cinikin da mutum ya yi da ƙungiya. A misalinmu, ko a raba miliyan 4.5 duka a kan ajiya, ko a ware wani kaso a mayar wa waɗanda suka sayi kaya gwargwadon sayayyarsu. Kowane zaɓi akwai wanda zai ji daɗi da wanda zai ɓata rai, kuma dukansu suna zaune a zauren. Aikin shugaba shi ne ya faɗi shawarar kwamiti da dalilinta, ya bar taro ya zaɓa.

Nan ne iyakar jawabin take. Shugaba ba ya cewa "mun yanke shawarar raba kaza", domin ba shi da wannan iko, kwamiti ma ba shi da shi. Shawara suke kawowa, wani ya gabatar da ƙudiri, wani ya mara masa baya, a kaɗa ƙuri'a. Taro yana iya rage abin da kwamiti ya kawo, amma neman a raba fiye da abin da bincike ya tabbatar ba hurumin kowa ba ne, kuma ya kyautu shugaba ya faɗi haka tun da wuri don kada a ɓata awa guda ana cacar baki a kai. Haka kuma buɗe taro ba wurin mayar da martani ga masu suka ba ne, ba kuma wurin kamfen ba. Wanda ya fara jawabi da "wasu suna yawo suna cewa" ya riga ya raba zauren biyu kafin a karanta bayanan taron bara. In akwai zargi, a kawo lambobin da ke amsa shi, a bar sunayen mutane.

A kan harshe ma akwai abin dubawa. Takardun lissafi da Turanci suke zuwa, jami'an gwamnati ma da shi suke magana, sai shugaba ya ga kamar dole shi ma ya karanta jawabinsa da Turanci. Amma a ƙungiyar ma'aikata akwai masu gadi da masu shara da direbobi, a ta manoma da ta mata masu sana'a kuwa mafi yawa ba su yi boko mai zurfi ba, kuma ƙuri'arsu daidai take da ta kowa. Gaisuwar baƙi za a iya yin ta da kowane harshe. Maganar kuɗi kuwa a yi ta da harshen da masu kuɗin ke ciniki da shi, a faɗi "naira kaza a kan kowace ɗari" maimakon kashi cikin ɗari, a maimaita lambar sau biyu. Maƙwabtanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suna ƙarƙashin dokar bai ɗaya ta OHADA a kan ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome a watan Disambar 2010, kuma su ma takardunsu da Faransanci suke zuwa gaban manoman da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci suke ji.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga jawabin shi ne alkawuran bara. Kowane babban taro yakan ƙare da ƙudurori: a sayi fili a yanka wa 'yan ƙungiya, a mayar da lissafi kan kwamfuta, a daina ba da bashin da ya wuce ninki biyu na ajiyar mutum, a ƙara mace a kwamitin bashi. Za a karanta su a bayanan taron baya, amma cikin sauri, a nemi mai gabatar da ƙudirin amincewa, a wuce. Gara shugaba ya ɗauko su da kansa ɗaya bayan ɗaya ya ce wannan an yi, wannan an fara, wannan ba a yi ba saboda dalili kaza. A misalinmu, da ƙudirin ninki biyu ya yi aiki, da mutumin da ke da ajiyar dubu 200 bai karɓi kayan dubu 900 ya tafi da su ba, kuma da miliyan 2 ɗin da aka rasa ba su kai haka ba. Ya kamata taro ya ji wannan kafin a zo zaɓen kwamitin bashi na bana.